Garin Ɗanwake da Akwatin Nema: Yadda Baƙo Ke Gano Jerin Hotunanka

Mu ɗauki wata mata a Kano da ke haɗa garin ɗanwake tana ƙullawa a leda tana sayarwa. Ba wata sananniya nake nufi ba, misali ne kawai, amma duk mai leƙa Instagram ya ga irinta. Ta ɓata yini guda tana shirya hotuna 7 da ke nuna yadda ake haɗa garin tun daga gyaran wake har zuwa tankaɗe, ta ɗora su a jere, irin wanda ake shafawa da yatsa daga wannan hoto zuwa na gaba. A hoton farko ta rubuta da manyan baƙaƙe: “Kun san wannan sirrin?” A ƙasa kuma ta rubuta: “Alhamdulillah, masoyana ga wani sabo, ku yaɗa.” Sai ta bi shi da tarin hashtag irin su `#viral` da `#explore` da `#love`. Ƙawayenta da ’yan uwa suka gani, suka yaba, kwana biyu abin ya lafa.

Bayan wata guda, wata amarya a Kaduna da mijinta ya ce yana marmarin ɗanwake ta buɗe Instagram, ta danna alamar madubin nema, ta rubuta `yadda ake hada garin danwake`. Hotunan matar Kano su ne ainihin amsar tambayarta, amma ba za su fito mata ba, don babu inda kalmar ɗanwake ta bayyana a cikinsu. Mai kaya na da kaya, mai nema na nema, sun wuce juna a kasuwa kamar ba su san juna ba.

Wannan jerin hotuna da masu harkar ke kira karusal, Instagram ta buɗe shi ga kowa a 2017 da iyakar hoto ko bidiyo 10, sannan a 2024 ta ƙara zuwa 20. Ya dace da koyarwa, shi ya sa masu girki da masu ɗinki da malaman lafiya suka rungume shi. Sai dai yana da wani rauni da ba a cika lura da shi ba. Duk ilimin da ke cikinsa yana kwance ne a jikin hoto, alhali shi akwatin nema da rubutu ya fi aiki.

A watan Agustan 2021 shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya yi bayanin yadda nema ke aiki a manhajar. Abin da ya faɗa a taƙaice shi ne, rubutun da mutum ya shigar a akwatin ya fi komai nauyi. Manhajar na ɗaukar wannan rubutu ta gwada shi da sunayen masu shafuka, da bayanin da suka yi game da kansu, da rubutun ƙasan hoto, da hashtag, da sunayen wurare. Bayan ta tattaro waɗanda suka dace, sai ta jera su tana la’akari da abin da mai neman ya saba kallo da kuma yawan mutanen da suka so abin ko suka tura wa wasu. Ma’ana mataki biyu ne. Na farko shiga cikin tarin waɗanda za a zaɓa, na biyu hawa sama a cikinsu. Farin jini yana taimakawa a mataki na biyu, amma wanda bai rubuta kalmar ba, bai ma shiga zauren ba balle a ba shi tabarma.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Lokacin da Instagram ta fara barin mutane su yi nema da kalmomi zalla, ba sai da hashtag ko sunan shafi ba, a ƙarshen 2020, da Turanci ta fara, a ƙasashe 6 masu magana da Turanci. Harshenmu ba ya cikin na gaba-gaba a irin wannan aiki. Saboda haka ni shawarata, kada mai rubutu da Hausa ya dogara da cewa na’ura za ta gane “girki” da “dahuwa” dangin juna ne, ko ta san cewa mai neman “abincin gargajiya” zai so ganin ɗanwake. A ɗauka kawai cewa harafi da harafi take gwadawa. Idan ta fi haka wayo, riba ce.

To, wace kalma za a rubuta? Nan ne yawancin mutane ke kuskure, domin suna rubuta kalmar da ta yi musu daɗi a baki, ba wadda mai nema zai buga da babban yatsansa ba. Mai sana’a takan ce “haɗaɗɗen gari na musamman”, ita kuwa amaryar Kaduna ba ta taɓa neman wani abu “na musamman” ba. Sunan abin take bugawa, sau da yawa tare da “yadda ake”, wani lokaci tare da sunan gari idan saye take son yi. Hanya mafi arha ta gano wannan ita ce mutum ya zama mai nema na minti goma. Ka buɗe akwatin, ka fara rubuta `danwake`, ka tsaya ka ga abin da manhajar ke ƙoƙarin ƙarasa maka. Ka sake gwadawa da `dan wake` a rabe, sannan da `garin danwake`. Ka yi haka a Instagram, ka yi a TikTok, ka yi a Google. Abin da ya maimaitu a wurare biyu ko uku, shi ne harshen kasuwa. Wata ma’adinar ita ce saƙonnin da masu saye ke turo maka: yadda suke kiran kayanka idan suna tambayar farashi, haka suke kiransa idan suna nema.

Daga wannan bincike ake zaɓar jimla guda ɗaya tak ga kowane jeri. A misalinmu, “garin ɗanwake”. Za a iya ƙara mata ’yan rakiya biyu ko uku, kamar alabo da kuka da kanwa, tunda dama suna cikin haɗin kuma wani zai iya nema ta hanyarsu. Amma jeri ɗaya ba ya farautar ɗanwake da alkaki da yajin daddawa a lokaci guda. Mai son a same ta da alkaki sai ta yi wa alkaki nasa jerin.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato baƙaƙenmu masu lanƙwasa. A wurin na’ura, ɗ da d haruffa ne biyu daban, haka ƙ da k, haka ɓ da b, kowanne da lambarsa. Mafi yawan masu waya kuwa ba sa wahalar da kansu wajen nemo lanƙwasa, ko da allon rubutunsu na da ita. Wanda ya rubuta “ɗanwake” daidai da ƙa’ida, yana iya ɓacewa ga mai neman `danwake`. Ni mai son a rubuta Hausa daidai ne, kuma raina ba ya so in ga an rubuta “kasa” ana nufin ƙasa. Amma kasuwa ba ajin nahawu ba ce. Sulhun da na ga ya fi dacewa shi ne, a jikin hoto da cikin dogon bayani a rubuta Hausa da ƙa’idarta, sannan a bar jimlar nema ta fito sau ɗaya ba tare da lanƙwasa ba, a layin farko na rubutun ƙasa ko a hashtag. Ta haka an tare hanyoyin biyu.

Alamar ɗauri ta sama, wadda ke cikin “sana’a” da “’yan mata”, ita kuma tana da tata fitinar. Hashtag yana yankewa ne da zarar ya ci karo da tazara ko alamar rubutu. Idan ka rubuta `#sana'a`, abin da zai zama mahaɗi shi ne `#sana` kawai, sauran ya zube. Dole sai `#sanaa`. Haka `#dan wake` zai koma `#dan`, wanda ba ya kai kowa ga tukunya. Sannan ga bambancin rubutu tsakanin ƙasashe. Mai sayar da kilishi da ke son masu saye daga Maraɗi ko Damagaram ya sani cewa a Nijar, saboda tasirin Faransanci, da yawa `kilichi` suke rubutawa. Kalma ɗaya ce a baki, biyu ce a akwatin nema, kuma ba asara ba ne a ambaci kowacce sau ɗaya.

Sai wurin da za a ajiye jimlar. Instagram na barin rubutun ƙasan hoto ya kai harafi 2,200, amma abin da ido ke gani kafin a danna don ganin saura bai wuce kimanin 125 ba. Waɗannan haruffa na farko su ne shagon bakin titi, kuma su ne mutane ke cikawa da gaisuwa. Gaisuwa ɗabi’armu ce mai kyau, ba na cewa a daina, amma a iya sauko da ita layi na biyu. Ga yadda matar Kano za ta sake nata:

```
Yadda ake hada garin danwake a gida da wake, alabo, kuka da kanwa. Ga awo da matakai a hoto bakwai.
```

Wannan bai wuce harafi 100 ba. Ya ƙunshi jimlar da amaryar ta buga kusan kalma da kalma, ya ambaci kayan haɗi, kuma mutum zai karanta shi ba tare da ya ji kamar injin ne ya rubuta ba. A ƙarƙashinsa sai ta yi sallama, ta kuma zuba gundarin abin da ke cikin hotunan a rubuce: yadda ake gyara waken, abin da ya sa ake sa kuka, yadda ake jiƙa kanwa a tace, yadda ake gane ƙullin ya yi ruwa da yawa. Mutane da yawa na ganin wannan maimaici ne tunda duk yana cikin hoto. To amma wannan maimaicin ne ke fito da ilimin daga jikin hoto zuwa inda nema ke iya kama shi. Daga ƙarshe ta faɗi cewa tana sayar da haɗaɗɗen garin a Kano, ta kuma sa alamar wuri, domin sunan wuri na cikin abubuwan da nema ke dubawa.

Abu biyu ke lalata irin wannan rubutu. Na farko cusa kalma: “danwake, garin danwake, danwake mai dadi, danwake Kano, sayi danwake” a jere kamar mai karanta lissafin kayan lefe. Mai karatu na gani zai wuce, kuma idan mutane na wucewa ba sa adanawa, mataki na biyun nan na hawa sama ya kuɓuce. Sau biyu ko uku a cikin jimloli na gaskiya ya wadatar. Na biyu, rubutun ado da ake kwafowa daga wasu manhajoji, mai kama da rubutun hannu ko mai kauri. Ido na ganin haruffa ne, amma a ciki alamomi ne na daban, ba a-ba-ca-da ta yau da kullum ba, saboda haka kalmar da aka yi wa wannan kwalliya tana iya zama kamar ba a rubuta ta ba.

Hoton farko kuwa aikinsa daban ne. Gaskiya ne na’urorin kamfanin na iya karanta rubutun da ke jikin hoto. Tun 2018 Facebook ya bayyana wani tsari nasa mai suna Rosetta da ke ciro rubutu daga hotunan Facebook da Instagram sama da biliyan 1 a kullum. Don haka sanya jimlar a hoton farko na iya taimaka wa manhajar ta san inda za ta ajiye jerin. Amma babban dalilin ba na’ura ba ce, mutum ne. Sakamakon nema yana fitowa ne a ƙananan gidaje, uku-uku a layi, kowanne bai fi kan kwalin ashana ba, kuma a wannan allo mai nema ba ya karanta dogon rubutunka. Hoton farko kaɗai yake gani. Amaryar da ta rubuta tambaya tana duba wanda ya maimaita mata tambayarta ne. Tsakanin gidan da ya ce “Kun san wannan sirrin?” da wanda ya ce “Haɗa garin ɗanwake: awo da matakai”, ba sai an yi duba ba.

“Kun san wannan sirrin?” salo ne da aka ƙera don tsayar da mai zagaye, wanda ke shafa waya ba tare da wata manufa ba. Mai nema ya riga ya san abin da yake so, ba ya buƙatar a ja masa rai. Ana iya haɗa biyun, a sa sunan abin da manyan baƙaƙe a sama, a sa jan hankalin da ƙananan a ƙasa: “Garin ɗanwake”, sannan “kuskuren da ke sa ya narke a tukunya”. Kalma 5 zuwa 8 sun isa. Baƙaƙen su zama masu kauri, launinsu ya bambanta sosai da na bayan hoton, kuma a tara su a tsakiya. Dalilin tsakiyar shi ne ana yanke gefunan hoto idan za a nuna shi a ƙaramin gida. Mai zana hoto a tsayin 1080 da 1350 ya bar sarari a kowane gefe, domin tun farkon 2025 Instagram ta sauya gidajen shafi daga murabba’i zuwa dogaye, kuma ba kowane allo ke yanka iri ɗaya ba. Gwajin da nake so shi ne ka ajiye hoton a wayarka, ka kalle shi a cikin jerin hotunan wayar ba tare da ka buɗe shi ba. Idan ka iya karanta shi a haka, ya yi.

Hoto na biyu ma ya cancanci a sa masa sunan abin, ko da ƙarami ne a sama. Mosseri ya bayyana a 2024 cewa idan mutum ya ga jeri bai shafa ba, manhajar kan sake nuna masa shi daga hoto na biyu. Wanda ya fara cin karo da “Mataki na 1: a bushe shi sosai” ba tare da ya san me ake busarwa ba, wucewa zai yi.

Na bar hashtag zuwa nan da gangan, don a yau shi ne mafi ƙarancin nauyi a cikin ukun, duk da cewa shi mutane suka fi ɓata lokaci a kai. Wani Ba’amurke mai suna Chris Messina ne ya kawo shawararsa a Twitter a 2007, Instagram ta ɗauka a 2011, kuma shekaru da dama shi ne kusan hanya ɗaya ta gano hoto ta maudu’i. Daga nan al’adar cika 30 ta samo asali, domin 30 ce iyaka a lokacin. Amma tun 2021 kamfanin da kansa ke ba da shawarar 3 zuwa 5. A Disamban 2024 ya cire damar bin hashtag kamar yadda ake bin mutum, a Disamban 2025 kuma ya sanar da taƙaita su zuwa 5. Mosseri ya sha nanata cewa ba sa ƙara yawan masu gani ta wata hanya mai tasiri, amfaninsu shi ne nuna abin da rubutu ya ƙunsa da taimaka wa nema.

Don haka a ɗauke shi kamar takardar da ake liƙa wa buhu a tasha. Ga matar Kano, waɗannan sun isa:

```
#danwake #garindanwake #girkinhausa #kano
```

Na farko sunan abin, na biyu ainihin jimlar, na uku dangin da abin ya fito, na huɗu wuri. Babu `#viral` a ciki, domin ba wanda ke jin yunwa ya nemi wannan kalma, kuma a ƙarƙashinta akwai tarin hotunan duniya da ba za ka taɓa fitowa a samansu ba. Kafin ka ɗauki kowane hashtag, ka danna shi ka ga me ke ciki. Idan ba irin kayanka ba ne, ka bar shi ko da sunansa ya burge ka. Kuma a cikin rubutun ƙasan hoto ake sa shi. Dabarar ɓoye shi a sharhin farko don shafi ya yi tsaf, bayanin kamfanin na 2021 ya ce ba ta taimaka wa nema.

Akwai wasu ƙananan ƙofofi biyu da ake mantawa. Ɗaya ita ce `Alt text`, wadda ke cikin ƙarin saituna kafin a ɗora hoto, kuma kowane hoto a jeri yana da nasa gurbin. An yi ta ne don makafi masu amfani da manhajar karanta allo, saboda haka a rubuta abin da ke hoton da gaskiya: “Kwanon garin ɗanwake da aka tankaɗe, gefensa kuka da kanwa.” Jimlar nema ta shiga da kanta, ba a zalunci makaho da tarin kalmomi ba. Ɗayar ita ce gurbin suna a shafi, wanda ya bambanta da sunan da ke bin alamar @. Mai sana’ar da ta ƙara “garin danwake Kano” a gefen sunanta ta ba nema wani abin kamawa da zai yi wa duk hotunanta aiki.

Duk wannan bai tsaya a cikin manhaja ba. Daga Yulin 2025, hotunan shafukan sana’a da ke buɗe ga kowa, na waɗanda suka kai shekara 18, na iya fitowa a Google, sai in mai shafin ya kashe wannan a saituna. Shafin da aka kulle kuwa, komai kyan kalmominsa, baƙo ba zai ga hotunansa a nema ba. A TikTok, inda jerin hoto ke kaiwa 35, tsarin kusan ɗaya ne, har ma akwai gurbin take na musamman, kuma mai son ganin abin da mutane ke nema zai iya buga `Creator Search Insights` a akwatin.

Ta yaya matar Kano za ta san gyaran ya ci? Ba daga wayarta ba, domin manhajar ta san ta, kuma tana karkata sakamako zuwa ga abin da ta saba kallo. Ta bari kwana 3 ko 4 su wuce, sannan ta ari wayar wanda ba ya bin shafinta, ta buga jimlar yadda baƙo zai buga, sau ɗaya da lanƙwasa, sau ɗaya babu, sau ɗaya a rabe. Idan jerin bai fito ba sam ko an gangara ƙasa, matsalar ta kalma ce ko ta shafi: ta duba ko jimlar na cikin rubutun ƙasa da haruffa na yau da kullum, ta kuma leƙa `Account Status` ta ga ko an hana nuna shafin ga waɗanda ba mabiya ba. Idan ya fito amma can ƙasa, ƙarƙashin manyan shafukan girki, to jimlar ta yi faɗi da yawa, sai ta matse ta: maimakon “ɗanwake” kawai, “garin ɗanwake ba fulawa” ko “garin ɗanwake a Kano”, inda masu gogayya ba su da yawa. Idan kuwa ya fito a sama amma alƙaluman shafi ba su nuna baƙi na shigowa ba, laifin hoton farko ne.

Gyaran biyun farko mai sauƙi ne, domin ana iya sauya rubutun ƙasa da hashtag da `Alt text` bayan an ɗora, har ma a koma kan tsofaffin jeri na bara a gyara musu layin farko ɗaya bayan ɗaya. Rubutun da ke jikin hoto ne ba ya gyaruwa. Idan “Kun san wannan sirrin?” ya riga ya hau, sai dai ta sake zana hoton farko, ta ɗora jerin a matsayin sabo, tsohon kuma ta tura shi ma’ajiya.